Gidan haya a hanyar Dutsinma: yadda aka lissafa harajin ribar wani ciniki a Katsina

Asalin kadarar, 2008 zuwa 2021

Mai kadarar wani ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan masarufi, yana zaune da iyalinsa a gidan gado a cikin garin Katsina. A shekarar 2008 ya sayi fili a gefen hanyar Dutsinma, fuloti biyu a haɗe, kowanne ƙafa 50 a faɗi da 100 a tsawo. Ciniki ɗaya aka yi, takarda ɗaya aka rubuta da hannu, mai unguwa da shaidu biyu suka sa hannu. Kuɗin filin naira 1,600,000. Dillali ya karɓi la'adar naira 80,000, safiyo da aikin takardu suka ci naira 120,000.

A 2011 ya zagaye filin duka da katanga a kan naira 600,000. Tsakanin 2013 da 2014 ya gina gida mai ɗaki uku da falo a fulotin da ke kallon hanya, ya bar na bayan fili. Ba ɗan kwangila ya ba aikin ba. Shi ke sayen siminti da rodi da kwano da kansa, yana biyan birkila da kafinta duk ƙarshen mako, yawanci da tsabar kuɗi. A ƙiyasinsa ginin ya ci naira 7,500,000.

Bai taɓa tarewa a gidan ba. Tun 2015 'yan haya ke ciki. A 2019 wani maƙwabci ya yi jayayya a kan iyakar filin, aka je kotu, lauya ya karɓi naira 300,000, aka tabbatar masa da iyakarsa. A 2021 ya haƙa rijiyar burtsatse a cikin gidan a kan naira 1,100,000. Ban da waɗannan, fenti da gyaran yoyon kwano da yashe masai sun ci masa kusan naira 900,000 a shekarun hayar.

Ciniki, Maris 2025

A ranar 17 ga Maris 2025 aka sa hannu a yarjejeniyar sayar da gidan kaɗai, ban da fulotin baya, a kan naira 32,000,000. Mai sayen ya tura miliyan 20 ta banki a ranar, sauran miliyan 12 kuma a watan Mayu. La'adar dillali kashi 5 cikin ɗari, wato naira 1,600,000, lauyan da ya rubuta takardar sayarwa naira 300,000.

Lauyan mai sayen ne ya tayar da maganar haraji. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, sauya sunan mai fili a birni na buƙatar amincewar gwamna, kuma lauyan ya ce ba zai kai takardu ma'aikatar ƙasa ba sai da shaidar an biya harajin ribar sayar da kadara. Wannan harajin a kan mai sayarwa yake, ba mai saye ba. Da yake mutum ne shi kaɗai mazaunin Katsina, ba kamfani ba, hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ce ke karɓa.

A lokacin dokar da ke aiki ita ce ta 1967, wadda bayan gyare-gyare ta tsaya a kashi 10 cikin ɗari. Gyaran da aka yi mata a Dokar Kuɗi ta 2020 ya ce wanda ya sayar da kadara shi zai lissafa harajinsa, ya miƙa takardar, ya biya, ba tare da wuce 30 ga Yuni ko 31 ga Disamba ba, gwargwadon rabin shekarar da cinikin ya faɗo. Ranar da aka ƙulla ciniki ake dubawa, ba ranar da kuɗi suka gama shigowa ba. A waccan dokar ana raba ribar a kan shekaru ne kawai idan biyan kashi-kashi ya wuce wata 18, nasa kuwa wata biyu ne. Wa'adinsa 30 ga Yuni 2025 ke nan.

Da ya ji kashi 10, sai ya buga shi a kan miliyan 32, ya ga naira 3,200,000, hankalinsa ya tashi. Wannan shi ne kuskuren farko, kuma mafi saurin gyaruwa: kashi 10 ɗin a kan riba yake, wato kuɗin sayarwa bayan an cire abin da doka ta yarda an kashe a kan kadarar.

Hanyoyin da aka gwada, Afrilu 2025

Dillalin ya zo da shawarar da aka saba ji. "Alhaji, a rubuta miliyan 15 a takarda mana, sauran a bar shi tsakaninku." Ba ta yi nisa ba. Miliyan 20 sun riga sun bi ta banki, kuma lauyan mai sayen ya ƙi. Ya ce wa nasa mutumin, "Yallaɓai, in ka yarda aka rubuta 15, ranar da za ka sayar da gidan nan 15 za a cire maka, ba 32 ba. Kai za ka biya harajin da shi ya gudu." Ban da haka, doka ta ba hukuma ikon watsar da duk cinikin da ta ga na jabu ne, ta koma kan farashin kasuwa, kuma ba da bayanin ƙarya laifi ne mai tara.

Sai aka koma kan sassaucin gidan zama. Gaskiya ne doka ta yafe harajin ribar gidan da mutum yake zaune a ciki a matsayin babban mazauninsa, tare da harabarsa har zuwa eka ɗaya. Mai sayarwar ya kafa hujja da cewa don iyalinsa ya gina, hali ne ya sa ya ba da haya. Sassaucin kuwa zama yake dubawa, ba niyya ba. Akwai yarjejeniyar haya tun 2015, takardun wutar lantarki da sunan 'yan haya, kowa a unguwa ya san a cikin gari yake kwana. Da ya zauna a gidan wasu shekaru ya ba da haya wasu, da an raba ribar bisa tsawon zaman. Shi ko kwana ɗaya bai yi ba.

Hujja ta uku ita ce ta fi ƙarfi a hankalce, ta fi rauni a shari'ance. A 2008 dala ɗaya tana kusan naira 118 a farashin gwamnati, don haka miliyan 1.6 da ya biya ta kai kusan dala 13,500. A farkon 2025 dala ta haura naira 1,500, wato waɗancan dalolin sun zarce miliyan 20. Ya ce to ina ribar? Amsar ita ce dokar 1967 ba ta da tsarin daidaita tsohon farashi da hauhawar kaya. Nairar 2008 da ta 2025 ɗaya take ɗaukarsu. Abin da aka biya a lokacin shi ake cirewa, lamba da lamba.

Lissafin farko da abin da aka soke, Mayu 2025

A farkon Mayu ya miƙa nasa lissafin. Ya cire kuɗin fili da katanga da shari'a gaba ɗaya, naira 2,700,000. Ya cire gini 7,500,000, rijiya 1,100,000, gyare-gyare 900,000, la'ada da lauya 1,900,000. Ya ƙara da naira 2,000,000 da ya yi asara a wani shago da ya sayar ƙasa da yadda ya saya. Jimilla 16,100,000, riba 15,900,000, haraji 1,590,000.

Jami'in da ya duba takardun ya dawo da su da gyara a wuri huɗu.

Asarar shagon ta fita nan take. A tsohuwar dokar, asarar da aka yi a wata kadara ba a cire ta daga ribar wata.

Gyare-gyaren ma sun fita, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Doka ta yarda da kashe kuɗi iri huɗu: kuɗin saye da abin da ya biyo shi kamar la'ada da safiyo da lauya da kan sarki, kuɗin da aka kashe don ƙara wa kadara daraja, muddin aikin yana nan a jikinta ranar sayarwa, kuɗin kafa mallaka ko kare ta, sai kuɗin sayarwar kanta. Rijiyar burtsatse ƙari ce, babu ita a da, ga ta kuma mai saye ya same ta. Fenti da toshe yoyo mayar da gida ne yadda yake. Irin wannan kashewa daga kuɗin haya ake cire ta wajen lissafin harajin kuɗin shiga, abin da ya cancanci cirewa can kuwa ba a sake cire shi nan. Hanya mai sauƙi ta rarrabewa ita ce a tambaya ko aikin ya kawo abin da babu ne, ko ya gyara abin da ke akwai. Da ya yi rumfar mota a 2016 ya rushe ta a 2020, ita ma da ba ta shiga ba, tunda mai saye bai same ta ba.

Sauran biyun, rabon kuɗin fili da kuɗin gini, su suka ci lokaci.

Rabon kuɗin fili

Tunda fili ɗaya ya saya ya sayar da ɓangarensa, ba zai cire kuɗin filin duka ba. Da aka faɗa masa haka, ya ɗauka raba biyu za a yi, tunda fulotan girmansu ɗaya. Doka ba ƙafa take aunawa ba, daraja take aunawa a ranar sayarwa:

```
A / (A + B)
```

A shi ne kuɗin da aka sayar da ɓangaren, B kuma farashin kasuwa na abin da ya rage a hannu. Wannan ya sa dole a kimanta fulotin baya. Mai kimanta kadara mai rajista ya je ya duba, ya kwatanta da cinikayyar da aka yi a layin kwanan nan, ya rubuta naira 8,000,000. Ladansa naira 140,000, kuma wannan ladan ya shiga cikin abin cirewa domin lissafin harajin ne ya buƙaci kimantawar.

Miliyan 32 a raba da miliyan 40 ya ba da kashi 80 cikin ɗari. Wannan kason ake bugawa a kan duk abin da aka kashe wa filin gaba ɗayansa: saye da la'ada da safiyo 1,800,000, katanga 600,000, shari'ar iyaka 300,000. Jimilla 2,700,000, kashi 80 nata 2,160,000. Sauran 540,000 ya zauna a kan fulotin baya, yana jiran ranar da za a sayar da shi.

Gini da rijiya ba su shiga wannan rabon ba, domin kacokan a kan ɓangaren da aka sayar suke. Akwai abin lura a nan. Darajar ginin ce ta kumbura A, shi ya sa kason ya kai 80 maimakon 50. Wannan ya taimake shi a cinikin yanzu da naira 810,000 na ƙarin cirewa, amma daga aljihun fulotin baya aka ɗauko su.

Takardar 2008 ta hannu ba ta ba da wahala ba. Kuɗin a rubuce yake da lamba da kalma, akwai kwanan wata, ɗaya daga cikin shaidun yana raye, taswirar safiyo ta dace da ita. An karɓa. Da an rage farashin a waccan takardar don gudun kuɗin kan sarki, kamar yadda wasu ke yi, da ragaggen farashin za a bi yanzu.

Tabbatar da kuɗin gini, Mayu zuwa Yuni 2025

Daga cikin miliyan 7.5 da ya ambata, rasit ɗin da ya iya kawowa naira 4,200,000 suka kai. Wasu sun ɓace, wasu tawadarsu ta koɗe har ba a karantawa, birkila da leburori kuwa ba rasit suke bayarwa ba. A kan wannan adadin, abin cirewa ya tsaya a 9,500,000, riba 22,500,000, haraji 2,250,000.

Ƙoƙarin farko na cike giɓin bai yi ba. Ya je kotu ya yi takardar rantsuwa cewa ya kashe miliyan 7.5. Takardar rantsuwa maganar mai ita ce kawai da hatimi a kai, ba ta nuna wa aka biya ba, yaushe, kuma don me. Wani ya ba shi shawarar ya je wurin mai shagon kayan gini a rubuto masa sababbin rasit da tsohon kwanan wata. Akantan da ya ɗauka a ƙarshen Mayu ya hana. Littafin rasit sabo mai lambobi a jere ɗauke da kwanakin shekara goma sha biyu baya, duk mai duba takardu zai gane shi, kuma da zarar an kama ɗaya, na gaskiyar ma sun shiga zargi.

Abin da ya yi aiki haɗa shaida uku ne da ke tallafar juna. Ta farko, bayanan asusunsa na banki na 2013 da 2014, waɗanda ya nema a rubuce aka ba shi bayan kwana goma sha. A ciki akwai cak da ya rubuta wa dilan siminti da mai kwano da sunayensu, ga kuma cire kuɗi kusan duk Alhamis a watannin aikin. Ta biyu, wani tsohon littafi mai layi da babban ɗansa ke rubuta biyan ma'aikata a ciki, kwanan wata da suna da adadi. Ranakun littafin sun yi daidai da ranakun cire kuɗi a banki. Ta uku, rahoton masanin ƙiyasin kuɗin gini. Ya auna gidan, ya fitar da adadin bulo da buhunan siminti da rodi da bandir ɗin kwano da gini irin wannan zai ci, sannan ya sa musu farashin 2013 da 2014, ba na yau ba. Wannan sharaɗin muhimmi ne, domin abin da ake nema shi ne abin da aka kashe, ba abin da ginin zai ci in yau za a yi shi ba. Ƙiyasinsa ya fito kusa da miliyan 7.

An tsaya a kan naira 6,800,000. Naira 700,000 da ta rage ba ta samu madogara ba. A cikinta har da kuɗin da ya yi wa kansa na tsayawa a kan aiki da yashin da ya ɗebo da motarsa. Wahalar mai gida ba kuɗin da aka biya wani ba ce, ba a cire ta.

Lissafin ƙarshe da biya

Kuɗin sayarwa: 32,000,000
Kason fili da katanga da shari'a: 2,160,000
Gini: 6,800,000
Rijiyar burtsatse: 1,100,000
La'ada da lauya da mai kimantawa: 2,040,000
Jimillar abin cirewa: 12,100,000
Riba: 19,900,000
Haraji, kashi 10 cikin ɗari: 1,990,000

Ya biya ta banki a asusun gwamnatin jiha ranar 24 ga Yuni 2025, kwana shida kafin wa'adi, ya karɓi rasit da sunansa da bayanin gidan a jiki. Lauyan mai sayen ya haɗa kwafinsa da sauran takardun neman amincewa. Wata magana ta biyo baya wadda bai zata ba: yarjejeniyar hayar da ta shigo cikin fayil ta sa aka tambaye shi ko yana bayyana kuɗin hayar a harajinsa na shekara. Wannan wani lissafi ne daban, a can ne kuma naira 900,000 ta gyare-gyare ke da amfani.

Abin da lamarin ya nuna

Kusan wata guda ya tafi a kan hanyoyi uku da ba su da makoma tun farko. Rage farashi a takarda ya rushe ne domin amfanin mai saye ya saɓa da na mai sayarwa, kuma duk mai sayen da ke da lauya mai lura haka zai ƙi. Sassaucin gidan zama da kukan faɗuwar naira kuwa karatun doka na rabin sa'a zai nuna ba za su wuce ba. Kukan nasa na hauhawar farashi gaskiya ne, mu ma muna ganin babban ɓangaren wannan miliyan 19.9 ba riba ba ce, nairar ce ta rame. Amma ba a teburin jami'in haraji ake gyara wannan ba.

Aikin da ya biya shi ne na tono shaida. Ya ƙara naira 2,600,000 a kan abin cirewa, ya rage haraji da naira 260,000, daga ciki kuma ya biya akanta da masanin ƙiyasi. Amfanin da ya samu ba shi da yawa a kashi 10. Abin da ya sa shaidun suka karɓu shi ne biyu daga cikinsu, banki da littafin ɗansa, an rubuta su ne a lokacin aikin ba tare da tunanin haraji ba, na ukun kuma ya fito daga wanda ba ruwansa da cinikin.

Lokacin cinikin ma ya yi masa rana ba da saninsa ba. Kwana biyu bayan ya biya, ranar 26 ga Yuni 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar haraji, wadda ta soke ta 1967 daga 1 ga Janairu 2026. A sabon tsarin babu kashi 10 na bai ɗaya ga mutum. Ribar kadara ana haɗa ta da sauran kuɗin shigarsa na shekara, a bi matakai: naira 800,000 na farko babu haraji, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na gaba kashi 21, miliyan 25 na gaba kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kashi 25. Da a 2026 ya sayar, ko da ba shi da wani kuɗin shiga ko kwabo, ribar miliyan 19.9 za ta jawo 330,000 da 1,620,000 da 1,659,000, jimilla naira 3,609,000. Da yake ɗan kasuwa ne mai samun kuɗi ta wata hanya, ƙananan matakan sun riga sun cika, don haka abin zai fi haka. A irin wannan matakin, kowace naira miliyan ɗaya ta gini da aka kasa tabbatarwa tana cin 210,000 maimakon 100,000. Sassaucin gidan zama yana nan a sabuwar dokar, sai dai sau ɗaya ake cin moriyarsa a rayuwa.

Fulotin baya yana hannunsa har yanzu, da kuɗin asali na naira 540,000 kacal. In ya sayar da shi a miliyan 8 da aka kimanta, ribar kafin cire la'ada da lauya naira 7,460,000 ce. A tsohon tsari harajinta 746,000 ne. A sabon, ba tare da haɗa ribar shagonsa ba, 330,000 ne a matakin kashi 15 da 802,800 a matakin kashi 18, wato naira 1,132,800. Akantan ya sa shi ajiye rahoton mai kimantawa da lissafin rabon 2025 tare da takardar 2008 a fayil ɗaya, domin su kaɗai ne za su nuna daga ina 540,000 ɗin ta fito.